Zakka, Azumi da Tuba: Abin da Ke Zubewa Idan Fassara Ta Bi Ta Ingilishi

Kalmomin ibada sun shigo Hausa daga Larabci tun ɗaruruwan shekaru, ta bakin malamai da fatake, kuma kowace ta shigo da hukuncinta. Wanda ya ce zakka ya faɗi adadi da lokaci da mutanen da za a ba. Wanda ya ce azumi ya faɗi daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, da abin da ke karya shi. Yau kuwa labarai da yawa da muke karantawa a rediyo ba daga Larabci suke zuwa mana kai tsaye ba. Wani malami a Makka ko Alƙahira zai yi magana, kamfanin dillancin labarai ya juya ta zuwa Ingilishi, sannan mai fassara a ɗakin labarai ya juya Ingilishin zuwa Hausa. A wannan zangon na tsakiya ne hukuncin ke zubewa, domin Ingilishi yana da kalma ɗaya a inda Larabci da Hausa suke da biyu ko uku. Sukar da nake yi ta wannan ɗabi'a ce: fassara kalmar da ke kan takarda ba tare da tambayar kalmar da aka fara faɗa ba.

Mu fara da zakka, domin a nan ne kuskure ke taɓa aljihu. Marubucin Ingilishi yakan sa “alms” ko “charity” a wurin zakka, kuma da waɗannan kalmomin yake fassara sadaka. Ta farkon tana kawo hoton ƴan kuɗin da ake miƙa wa mai bara, ta biyun kuma taimako ne na ganin dama. Mai fassara da ya ga ɗaya daga cikinsu, hannunsa zai tafi ga “sadaka”. Sai a ji a labarai cewa sadaka tana cikin shika-shikan Musulunci, ko kuma wata hukuma ta tattara sadakar manoma, alhali zakka ake nufi. Bambancin ba ƙarami ba ne. Sadaka a bakin Bahaushe ita ce abin da ka bayar don ranka ya so: ƙosai ranar Juma'a, abincin sadakar uku ko ta arba'in, har da auren sadaka. Ba ta da iyaka ta ƙasa, kuma wanda bai yi ba ba a bin sa bashi. Zakka haƙƙi ce da ke cikin dukiya, tana da nisabi, tana da ƙayyadadden kaso, kuma ba kowa ake ba ba.

Wasu masu rubutu da Ingilishi sun gane cewa “alms” ta yi rauni, sai suka koma ga “tithe”, wato kashi ɗaya cikin goma da Yahudawa da Kirista suka sani. Wannan ta gyara gefe ɗaya ta ɓata ɗayan. Ga misali. Manomi a karkarar Maraɗi ya sami buhu 20 na gero a gonar damina. Tunda ya wuce nisabi, wanda shi ne sa'i 300, zai fitar da ɗaya cikin goma, wato buhu 2. Haka iyayenmu ke yi tun a gona: dami goma, a ware ɗaya. A nan kalmar Ingilishin ta yi daidai. To amma ɗan'uwansa da ya noma buhu 20 na shinkafa da ban-ruwa, yana sayen mai yana tayar da inji, ɗaya cikin ashirin ne a kansa, wato buhu 1. Shi kuma ɗan kasuwar da ke da miliyan 10 na sefa, sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu, ɗaya cikin arba'in zai fitar, wato jaka 250. Da zai bi ma'anar “tithe”, miliyan ɗaya cur zai lissafa wa kansa, ninki huɗu na abin da ya wajaba. Makiyayi ma lissafinsa daban ne, domin tumaki ko awaki sai sun kai 40 ake fitar da ɗaya. Kalmar da ta dace da manomin gero kaɗai ba za ta wakilci zakka ba.

Kada kuma a ɗauka cewa maganin shi ne a tsallake Ingilishi a kwafo Larabci harafi da harafi. A aya ta 60 ta Suratut Tauba, inda aka lissafa mutane takwas da ake ba zakka, kalmar da ta zo ita ce jam'in sadaka, kuma malaman tafsiri sun tafi a kan cewa zakkar farilla ake nufi. A Larabcin Alƙur'ani sadaka tana da faɗi, tana ɗaukar ta wajibi da ta nafila. A Hausa ta ƙuntata, ta tsaya ga ta nafila. Idan aka ce wa mai sauraro “sadaka ta mutane takwas ce kawai”, zai ɗauka cewa kyautar da yake yi wa maƙwabcinsa mai wadata ko gudummawar da yake kai wa ginin rijiya ba ta halatta ba. Haka zakkar fidda kai, wadda muke kira zakkar kono: littattafan fiƙihu da yawa suna kiranta da sunan sadaka, amma wajiba ce, sa'i ɗaya a kan kowane mutum na gida. Kamannin kalma a harsuna biyu ba ya tabbatar da cewa faɗinta ɗaya ne.

Azumi matsalarsa ta juya baya ce: a nan Ingilishi ne ya fi faɗi. Asalin kalmar a Larabci kamewa ne, shi ya sa a Suratu Maryam aka kira kamewa daga magana da wannan suna. Shari'a ta keɓe ta ga barin ci da sha da saduwar aure, da niyya, daga fitowar alfijir zuwa faɗuwar rana, kuma da wannan ma'ana Hausa ta karɓe ta. “Fasting” kuwa tana ɗaukar duk wani barin abinci. Likita yana amfani da ita idan zai auna sukarin jini, yana nufin kada a ci komai na sa'o'i takwas ko fiye kafin a ɗebi jini, kuma galibi ruwa tsantsa bai hana ba. Masu rage ƙiba suna amfani da ita ga tsarin cin abinci a cikin ƴan sa'o'i na yini, suna shan ruwa da shayi a sauran. Idan shirin lafiya ya ce wa mai ciwon sukari “ka zo asibiti da azumi”, zai iya tashi ya yi sahur da asuba, ya ƙoshi, sannan ya ƙi shan ruwa. Ya yi akasin abin da likita ke so ta fuska biyu: ya ci abin da zai ɓata awon, ya bar ruwan da aka yarje masa. Abin da ya kamata a faɗa shi ne “kada ka ci komai tun bayan abincin dare, amma kana iya shan ruwa”. Jimlar ta fi tsawo, amma ba ta cutar da kowa. Haka idan binciken da aka yi a kan masu rage ƙiba ne, bai kamata a karanta shi a matsayin bincike a kan azumin Ramadan ba.

Dole a tuna kuma cewa Hausawa Kirista suna cewa azumi da tuba, kuma suna da haƙƙin kalmomin kamar kowa. Azumin kwana 40 kafin Ista tsarinsa ya bambanta daga wannan coci zuwa wancan, kuma ba lalle ne ya zama kamewa daga alfijir zuwa almuru ba. Aikin mai gabatarwa shi ne ya faɗi azumin wa yake nufi, kada ya bar mai sauraro ya auna ɗaya da ma'aunin ɗayan.

Tuba ita ce mafi nauyi, domin ta shiga siyasa. A 2016 Najeriya ta buɗe shirin karɓar ƴan Boko Haram da suka ajiye makamai, Nijar kuma ta tsugunar da nata a Gudumariya cikin jihar Diffa. Jaridun Ingilishi suka riƙa kiransu “repentant”, mu kuma muka ce “tubabbu”, kalmar ta zauna. Amma tuba a wajen mai sauraronmu tana da sharuɗɗa da ya ji a bakin malamai tun yana yaro: a daina laifin, a yi nadama, a ƙudura ba za a koma ba, kuma idan haƙƙin wani ne a mayar masa ko a nemi yafiyarsa. Abin da ɗan jarida ya gani da idonsa shi ne mutum ya fito daga daji ya miƙa kansa. Yunwa ce ta koro shi, ko tsoro, ko nadama ta gaskiya, wannan ba ya cikin rahoton. Idan muka kira shi tubabbe, mun yanke hukunci a kan abin da ke zuciyarsa, kuma matar da aka kashe wa miji tana jin kamar an rufe maganar haƙƙinta. “Waɗanda suka miƙa wuya” ko “waɗanda suka ajiye makamai” ya faɗi abin da ya faru, bai ƙara ba. Idan hukuma ce ta kira su tubabbu, a jingina kalmar gare ta.

Ko a cikin Larabci kalmar tana da fuska biyu. Tushenta komawa ne: bawa yana komawa zuwa ga Allah, Allah kuma yana komowa ga bawa da karɓa. Fi'ili ɗaya ne, harafin da ke biye da shi ne ke raba su, kuma daga nan ne sunan Allah Attawwabu ya fito. Hausa ta warware wannan da kyau da ta ce “Mai karɓar tuba”. Sannan istigfari, wato neman gafara, da nadama, wadda sashe ce na tuba, kalmomi ne daban da bai kamata a cusa su duka a cikin tuba ba don kawai Ingilishi ya haɗa su.

Na san uzurin da ake bayarwa: labari ya iso minti goma kafin a shiga ɗakin watsawa, kuma babu asalin Larabcin a gaban mai fassara. Uzurin gaskiya ne, amma jimlar kanta takan tona abin da ake nufi. Idan an ambaci kaso, ko nisabi, ko hukumar da ke tattarawa, zakka ce. Idan likita ne ke magana kuma an ambaci sa'o'i kafin awo, barin abinci ne, ba azumi ba. Idan jami'in tsaro ne ke magana a kan mutanen da suka fito daga daji, miƙa wuya ne. Inda jimlar ba ta nuna ba, gara a bayyana abin da aka yi da kalmomi biyar a kan a ɗora masa sunan ibadar da ba a tabbatar ba. Mai karatu yana iya komawa baya ya duba, amma mai sauraron rediyo sau ɗaya yake ji, kuma da abin da ya ji zai auna buhunansa ko ya tafi asibiti.