Wa Ya Yi Me? Nazari Kan Ambaton Abokan Aiki a Tallan Haɗin Gwiwa

Duk wanda ya saba kallon finafinan da ake tacewa a situdiyoyin Zoo Road ya san tsarin sunayen da ke fitowa kafin a fara: ɗaukar nauyi, shiryawa, ba da umarni, ɗaukar hoto, tacewa. Ba a jero suna haka kawai, kowane da aikinsa a gefe. Gidajen rediyon Kano ma sukan faɗi wanda ya ɗauki nauyin shiri a farko da ƙarshe. Wannan al'ada ce ta koma shafukan masu ƙananan sana'o'i a Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin Tarauni, sai dai a hanya ta zubar da rabin kayanta. Sunayen sun iso, ayyukan ba su iso ba.

Mu ɗauki tallan ɗinkin Sallah. Wata tela a Darmanawa ta ɗinka doguwar riga da turmin atamfar da wani ɗan kasuwar Kantin Kwari ya ba ta kyauta don a tallata masa. Mai kwalliya daga Court Road ta gyara fuskar yarinyar da za ta saka kayan, ta kuma ɗaura mata ɗankwali. Mai lalle ta yi nata, mai hoto ya ɗauka. Abin da aka fi gani a ƙasan irin wannan hoto a Instagram shi ne doguwar godiya, sannan sunayen shafuka biyar a cunkushe. Matar da zanen lallen ya burge ba ta san wanne za ta taɓa ba, sai ta tura wa mai hoto saƙo tana tambayar kuɗin lallen amarya. Idan abokan aiki suka fara samun tambayoyin da ba na sana'arsu ba, to rubutun ne bai yi aikinsa ba. Gyaran ba shi da wuya:

```
Atamfa (ɗaukar nauyi): @shafin_mai_atamfa
Ɗinki: @shafin_tela
Kwalliya da ɗauri: @shafin_mai_kwalliya
Lalle: @shafin_mai_lalle
Hoto: @shafin_mai_hoto
```

Layin farko shi ne ya fi jawo gardama. Mai atamfa bai ɗinka komai ba, kaya ya bayar, kuma mai saye yana da haƙƙin sanin cewa yabon da tela ke yi wa atamfar akwai kyauta a bayansa. Da yawa suna jin nauyin rubuta haka, wai kada a ce an saye su. A ganina ɓoyewar ce abin kunya. Tun 2017 Instagram ya samar da alamar `Paid partnership` don irin wannan, kuma dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta haɗa har da tallan intanet. Dalilin sa layin mai atamfa a sama kuwa, manhajar tana yanke rubutu bayan layi ɗaya ko biyu, sai wanda ya taɓa `more` ne zai ga sauran.

Ambaton ma hawa-hawa ne. Rubuta suna da alamar @ yana kai mai karatu shafin mutum, muddin an rubuta shi daidai. Harafi ɗaya ya kuskure, ko dai sunan ya ƙi buɗuwa ko ya kai ciniki shafin baƙo, shi ya sa ake taɓa kowane suna a gwada bayan an ɗora. Tsarin `Collab` da ya zo a 2021 ya fi wannan ƙarfi: idan abokin aiki ya amsa gayyata, hoton yana fitowa a shafinsa shi ma, kuma masu so da masu sharhi suna taruwa wuri ɗaya. Wannan ya dace da waɗanda tallan nasu ne tare, kamar tela da mai kwalliya. Wanda aka biya kuɗin aikinsa ya tafi, layinsa a rubutu ya wadatar.

Inda zumunci ya fi lalacewa shi ne ramawa. Tela ta ambaci kowa, washegari mai kwalliya ta ɗora hoton a nata shafin, ta yanke shi iya fuska, ba sunan kowa. Ba laifi ba ne ta sa kanta a layin farko a shafinta, amma sauran layukan bashi ne a kanta. A sitatus na WhatsApp kuwa, inda cinikin unguwa ya fi gudana, hoto yakan rabu da rubutunsa da zarar an sauke shi an sake ɗorawa, don haka gara mai hoto ya buga sunayen a jikin hoton tun wajen tacewa.

Saura yarinyar da ta saka kayan. Ita kaɗai ce ambato zai iya cutarwa, domin sa sunan shafinta buɗe ƙofa ne ga saƙonnin mazan da ba ta sani ba, kuma wani gidan ya yarda da hoton amma bai yarda da sunan ba. Hajiya mai ɗinki, ki tambaye ta tun kafin a ɗauki hoton. In ta ce a'a, kada a sa sunanta.