Lissafin da ke faɗa wa ɗan fansho ranar ƙarewar kuɗinsa

A Daura akwai wani tsohon akawu da abokansa 'yan fansho ke kai wa tambaya ɗaya idan giratuti ya fito: "Malam, shekara nawa kuɗin nan zai kai ni?" Abin da ke burge ni shi ne, kafin ya taɓa biro sai ya tambayi ribar da kuɗin ke haifarwa a wata. Ko kuɗin ruwa ne na bankin kasuwanci, ko ribar mudaraba irin ta bankin Jaiz wadda mutanenmu suka fi natsuwa da ita, hanyar lissafin ɗaya ce, sai dai ita mudaraba tana hawa da sauka.

A ce mutum ya ajiye naira miliyan 5, ribar kashi 1 cikin ɗari a wata, yana cirar 100,000. Mai gaggawa zai raba ya ce wata 50. Malam kuwa layi yake ja a takarda. Watan farko riba 50,000 ce, saboda haka 50,000 kawai aka gutsura daga uwar kuɗi, saura 4,950,000. Wata na biyu riba ta sauko 49,500, gutsuren ya hau 50,500. Nan gwanintar take: gutsuren yana ƙaruwa da kashi 1 cikin ɗari kowane wata, shi ya sa a shekarun farko asusu yake kamar bai motsa ba, a shekarar ƙarshe kuma ya zube da gudu. Amsar ita ce kusan wata 70, wato shekara 5 da wata 10. Mai kwamfuta zai samu 69.66 idan ya rubuta `=NPER(0.01,-100000,5000000)`.

Daga nan sai ya rage cirar. A 75,000, wata 110 ne da 'yan kwanaki. A 60,000, shekara 15 cur. A 50,000 kuwa uwar kuɗi ba ta taɓuwa ko kaɗan, domin riba kaɗai ake ci. Dubu goman da ke tsakanin 50,000 da 60,000 ita ce ke sanya wa kuɗin wa'adi, kuma mutane da yawa ba sa yarda sai sun ga layukan da idonsu.

Ba ya sallamar mutum da lamba ɗaya. Yakan sake lissafin da rabin ribar, shekara 15 ɗin nan ta dawo 9. Sannan ya tuna masa 2024, shekarar da hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari: 60,000 ɗin tana nan a takarda, amma geron da take aunowa a kasuwar Mai'aduwa raguwa yake yi. Don haka yakan ce, "Alhaji, ka dawo baɗi da takardar banki," a ɗauki ragowar da ke ciki da ribar da aka biya a zahiri, a sake jan layin daga farko.