Jatan Lande Mai Fito: Yadda Karin Maganar Rasha Ke Lalacewa a Hanya

Duk wanda ya san kasuwar Gallabat ya san abin da ke faruwa da magana idan ta bi ta baki uku. Ɗan kasuwar Habasha ya tsallako daga Matamma ya faɗi farashi da Amharanci, dillali ya mayar da Larabci, wani kuma ya mayar wa Bahaushe da Hausa. Farashin yakan iso lafiya, domin lamba ba ta canza kama. Amma in akwai zolaya ko habaici a cikin zancen, sau da yawa a kan gadar nan ake barinsa. Irin wannan asara ce nake zargin masu fassara labaran duniya zuwa Hausa da jawo mana a duk lokacin da wani shugaban Rasha ya yi karin magana. Ba daga Rashanci suke ɗauko ta ba, daga Ingilishi ne, sannan su bi Ingilishin kalma bayan kalma.

Mu ɗauki misali guda mu bi sawunsa. A 1955 Nikita Khrushchev ya ce masu zaton Tarayyar Sobiyat za ta watsar da koyarwar Marx da Engels da Lenin za su daɗe suna jira. Ya ɗora zancen a kan wata tsohuwar magana ta Rashawa, "kogda rak na gore svistnet", wato sai ranar da rak ya yi fito a kan tudu. Rak ɗan halittar ruwan kogi ne mai ƙafafu da almakashi, dangin ƙaguwa. Ba ya hawa tudu, ba shi da leɓen fito, saboda haka ranar ba za ta zo ba. Jaridun Ingilishi suka mayar da shi jatan lande. Wanda ya bi su a makance zai rubuta: "sai jatan lande ya koyi fito."

To, ga inda gizo ke saƙa. A rubutun boko, fito na baki da fito na tsallake kogi harufansu ɗaya ne, bambancin furuci ne ya raba su, shi kuwa ba ma rubuta shi. Mai karatu da ya ga an haɗa halittar ruwa da kalmar fito, kogi zai fara zuwa masa a rai. Tsallake kogi kuwa ba wani abu ba ne a wurin mai zama cikin ruwa. Ka ga maganar da aka yi don a ce "har abada" ta koma kamar ana cewa "nan ba da jimawa ba". Kowace kalma an fassara ta daidai, amma ma'anar ta kife.

Maganin shi ne mai fassara ya ajiye dabbar ya tambayi kansa aikin da maganar ke yi. A nan aiki biyu take yi: tana cewa abin ba zai faru ba, tana kuma yi wa masu jira ba'a. "Sai baba-ta-gani" ta yi kusa, amma ta fi dacewa da abin da aka ɗage babu rana, kamar shari'a ko taro. "Jiran gawon shanu" ita ce ta ɗauki ayyukan biyu. Shanu ne tsaye a gindin gawo, sun zuba ido 'ya'yansa su faɗo. Idan aka ce masu jiran Moscow ta sauya aƙida jiran gawon shanu suke yi, Bahaushen Gadarif da na Katsina duk za su yi murmushin da Barashe ya yi.

Akwai lokacin da kuskuren ya wuce abin dariya. A watan Nuwamban 1956, a wata liyafa a ofishin jakadancin Poland da ke Moscow, Khrushchev ya ce wa jakadun ƙasashen Yamma "my vas pokhoronim". Kalma bayan kalma, za mu binne ku. Haka Ingilishi ya ɗauka, duniya kuma ta ji ta a matsayin barazanar yaƙi a zamanin makaman ƙare-dangi. Alhali a bakin Barashe maganar tana iya nufin za mu fi ku tsawon rai, mu ne za mu halarci jana'izarku, kuma zancen da ya zo da ita na cewa tarihi yana bayansu ne. A Hausa "za mu binne ku" barazana ce tsagwaronta. Amma muna da "mu za mu ga bayanku", wadda ke da fuska biyu kamar ta asali: ko dai mu ne ajalinku, ko kuwa muna nan za ku shuɗe. Ingilishi ya rufe ƙofa ɗaya, Hausa tana iya barin biyun a buɗe. Wanda ya tsaya kan Ingilishi ba zai ma san akwai ƙofa ta biyu ba.

Ɓarna ta uku ta fi wuyar ganewa, domin a nan Bature ya yi aikinsa da kyau. Rashawa na cewa ba a zuwa Tula da samobar. Tula gari ne a kudancin Moscow da ya shahara da ƙera samobar, tukunyar ƙarfe ta dafa ruwan shayi. Mai fassara zuwa Ingilishi yakan sauya ta da tasu maganar ta kai kwal garin Newcastle, kuma ga masu karatunsa ya yi daidai. Sai namu ya zo ya sa wa Barashe Newcastle a baki da Hausa. Alamar gane wannan mai sauƙi ce: idan ka ji mutumin Moscow yana buga misali da garin Ingila, ko aladu masu tashi sama, to rigar aro ce. A nan gara a bar Tula yadda take, a ƙara 'yan kalmomi na bayani, domin kowa zai gane. Larabawa ma suna da kai dabino Hajar, mutumin Gallabat kuwa ba sai an yi masa sharhin abin da kai riɗi Gadarif ke nufi ba.

Sai dai neman takwara ma yana da tarkonsa, wato ɗauko karin maganar da ta yi kama amma ba ita ba ce. Rashawa na da biyu da ake yawan cuɗawa. Ɗaya na cewa ba a fid da ko ɗan kifi daga tafki sai da wahala. Wannan wahala ce kafin samu, takwararta "kowa ya ci zomo ya ci gudu". Ɗayar na cewa in kana son zamiya da keken ƙanƙara, to ka so jawo shi zuwa kan tudu. Wannan nauyi ne da ke manne da jin daɗi, ta fi kusa da "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski". Wanda ya musanya su ya mayar da gargaɗi ya zama ƙarfafa gwiwa.

Ba kuma za a ce babu hanyar kai tsaye ba. Rediyon Moscow ya yi shekaru yana watsa shirye-shirye da Hausa. A 1963 an buga ƙamusun Hausa zuwa Rashanci a Moscow ƙarƙashin jagorancin Dmitri Olderogge, a 1967 kuma na Rashanci zuwa Hausa na Laptukhin ya fito. Wanda bai iya Rashanci ba ma yana da dabara, musamman a Sudan: ya ɗora fassarar Larabci kusa da ta Ingilishi. Inda hotunan biyu suka saɓa, a nan karin maganar take, a nan ne zai tsaya ya nemo kalmomin asali kafin ya rubuta komai da Hausa.