Minti Biyar a Bakin Rami

A wuraren gini da ake bin tsari, kafin a ɗauki diga da shebur da safe, foman yakan tara leburori ya yi musu 'yar gajeruwar magana a kan hatsarin aikin ranar. Idan aikin haƙa ramin bututun ruwa ne ko magudana, maganar ta ruftawar ƙasa ce. Wanda ya iya tsara ta gwani ne, domin ƙa'idojin a lambobi suke, masu sauraro kuwa da yawansu ba da mita suke awo ba.

Ƙa'idar hukumar OSHA ta Amurka, wadda injiniyoyi ke yawan aro, ta ce ramin da ya kai zurfin mita 1.5 sai an kare bangonsa, wanda ya kai mita 1.2 kuma sai an sa masa hanyar fita. Gwanin ba ya karanta wannan. Jikin mutum yake mayarwa ma'auni:

"Jama'a, a matso kusa. In rami ya kawo maka ƙirji, sai da tsani, kuma kusa da inda kake aiki. In ya kawo kafaɗa, ba mai shiga sai an kwantar da bangon ko an tokare shi da katako. Kada ka ce ai kanka na waje. Haƙa a sunkuye ake yin ta, in ka sunkuya kuwa ka shige gaba ɗaya."

Wannan jumla ta ƙarshe ita ce ta fi burge ni. Lebura yana auna rami yana tsaye, amma a duƙe ƙasa ke samunsa, kuma sai wanda ya daɗe a bakin rami yake tuna ya faɗi haka.

Sai nauyi. Mutumin da ya wuni yana watsa ƙasa da shebur ba ya jin tsoronta, don kaɗan-kaɗan ya saba ɗaga ta. Amma dunƙulen ƙasa mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi yakan kai kilo 1,500, in ta jiƙe ma ya fi. Foman sai ya raba da hamsin: "Buhun siminti talatin ke nan a kanka lokaci guda. Wa zai iya tashi?" Kowa a wurin ya taɓa ɗaukar buhu ɗaya a ka, saboda haka ba ya buƙatar ƙari. Daga nan yake bayyana abin da mutane ba su cika sani ba: ba sai ƙasa ta rufe fuska take kisa ba. In ta kama ƙirji, duk numfashin da mutum ya fitar sai ta ƙara matsewa, har ya kasa jan wani.

A ce ramin mita 2 ne a ƙasa mai rairayi, ko wurin da aka taɓa haƙawa aka cike. Irin wannan ƙasa, duk mita ɗaya na zurfi ana ja da bango baya mita ɗaya da rabi, wato mita 3 a kowane gefe. Foman zai ce, "Taki biyu ƙasa, taki uku baya." A fili wannan mai sauƙi ne. A lungun cikin gari mai katanga dama da hagu babu wannan sararin, dole a tokare. Nan ne masu gaggawa ke cewa jar ƙasa ce mai tauri, za ta tsaya da kanta. Takan tsaya kwana da kwanaki, sai ruwan dare ɗaya na damina ya jiƙa ta, ko tifa ta wuce ta gefe ta girgiza ta. Shi ya sa ake sake duba rami kowace safiya da bayan kowane ruwan sama. Ƙasar da aka haƙo ma nauyi ce a kan bangon, a ja ta baya aƙalla santimita 60, foman kuwa yakan ce tsawon shebur, don ya bar rara.

Alamu kaɗan yake ba su, waɗanda ido ke gani: tsaga a saman ƙasa tana bin gefen rami, bango ya yi ciki, ƙasa tana zubowa da kanta, ruwa yana tsattsafowa daga gindi. "Wanda ya ga ɗaya ya yi ihu, kowa ya fito. Ba wanda za a yanke wa kuɗin yini don ya fito." Ba don wannan alkawari ba, mai aikin yini zai ga tsagar ya yi shiru.

Abin da ya fi wuyar faɗa shi ne na bayan ruftawa, don zuciya cewa take a faɗa a ciro ɗan'uwa. Bangon da ya zube sau ɗaya yakan sake zubowa, mai ceto ya zama na biyu. Sai a kashe injina, a kori mutane daga bakin ramin, a kira taimako, a tokare bango, sannan a haƙa da shebur da hannu. Ba a sa katafila, haƙorinta ba ya bambance ƙasa da mutum. Kafin a watse, foman yakan nuna wani sabon lebura ya ce, "Kai ɗan'uwa, in ka ga tsaga, me za ka yi?" In amsar ba ta fito daidai ba, sai ya sake bayani da wasu kalmomin.