Baffa ko Farfesa? Lafazin girmamawa a gaisuwar ranar haihuwa

Bahaushe ya gāji bikin suna a rana ta 7, amma bai gāji murnar zagayowar ranar haihuwa ba. Boko da wayar hannu ne suka shigo da ita, shi ya sa har yau ba ta da tsayayyen lafazi irin na barka da sallah. Tsakanin sa'o'i babu damuwa, HBD ma ta wadatar. Inda gizo ke saƙar shi ne idan mai ranar na gaba ne.

A ɗauki mutum guda: ƙanin mahaifinka ne, ya yi aikin hajji, kuma farfesa ne a jami'a. Kai ɗan wansa Baffa za ka ce, domin a cikin gida zumunci ya fi muƙami nauyi. In ka rubuta masa "Farfesa" ka mai da kanka baƙo. Ɗalibinsa kuwa Malam ko Farfesa zai ce, maƙwabci ya ce Alhaji. Kama sunansa na yanka dai ba naku ba ne dukanku. Haka abin yake ga Gwaggo, 'yar'uwar uba, da Kawu, ɗan'uwan uwa. Mai yi musu kuɗin goro da "Anti" da "Ankul" ya zubar da bayanin da ke nuna ta wane tsatso aka haɗu.

Bayan laƙabi sai wakilin suna. "Ka" da "ki" ba zagi ba ne, amma a rubuce suna da kaushi, tunda babu durƙuso ko sassauta murya da zai tausasa su. Masu ladabi kan koma "ku", ko su maimaita laƙabin: "Baffa, barka da zagayowar wannan rana. Allah ya ƙara wa Baffa lafiya da nisan kwana, ya bar mana ku."

Kuskuren da ya fi yawa, a ganina, yana cikin addu'ar. "Allah ya yi maka albarka" daga babba take saukowa kan yaro, don haka yaron da ya aika wa malaminsa ita ya hau kujerar da ba tasa ba. "Allah ya raya" ta jariri ce. "Allah ya ja zamani" ta fi dacewa da mai sarauta. "Allah gafarta Malam" girmamawa ce ingantacciya a zaure, amma a ɗora ta ƙarƙashin hoton dattijo a WhatsApp, sai a fara kiran waya ana tambayar yaushe aka yi rasuwar.

A wajen kaka ne ake karya wannan doka ta girmamawa. Wasan jika da kaka ya ba jika damar ya ce "tsohuwa, an ƙara tsufa", a yi dariya. Gwada hakan a kan Gwaggo ka ji yadda za ta kaya.

Akwai kuma dattawa da malaman da ke ɗaukar murnar kanta bidi'a. Irin waɗannan, a gaishe su da addu'ar lafiya kawai, kada a ambaci ranar.