Daƙiƙa Uku na Farko: Gwanintar Buɗe Bidiyon Tattalin Kuɗin Ɗalibi

Ɗalibin da ke kwance a ɗaki yana jan TikTok da babban yatsansa babu mai bin sa bashin kallo. Bidiyo ya zo, in bai ji abin da ya shafe shi ba, ya ture shi sama, wani ya maye gurbinsa. Shi ya sa masu shirya gajerun bidiyo a TikTok da Instagram da YouTube suke ɓata lokaci mai tsawo a kan jimlar farko kaɗai. Wanda ya iya wannan jimla, musamman a zancen yadda ɗalibi zai tattala ɗan abin hannunsa, ya cancanci a jinjina masa, domin aikin ya fi yadda ake ganinsa wuya.

Wuyar ta fara ne daga ƙarancin fili. Mai magana da Hausa ba tare da gaggawa ba yakan furta kalma biyu zuwa uku a daƙiƙa ɗaya. In an ce daƙiƙa uku zuwa huɗu ne damarka, to kalma goma ko kusa da haka ke hannunka. A cikinsu ne za ka sa mai kallo ya gane da shi ake, ka taɓa inda ke masa ciwo, ka kuma yi masa alkawarin abin da zai samu in ya tsaya. Wuya ta biyu ita ce batun kansa. Nasiha a kan tattali abu ne da ɗalibi ya ji har ya gaji, daga gida, daga yayye, daga malamai. Da ya ji ƙamshin wa'azin "a rage kashe kuɗi", yatsa ya riga ya motsa.

Gwanaye sun gano cewa maganin wannan shi ne lissafi na zahiri. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin adaidaita sahu da na kwanon abinci suka tashi, ɗalibi ya koma mai ƙirga kowace naira. A 2024 asusun ba ɗalibai lamuni na Najeriya, NELFUND, ya fara biyan alawus na naira 20,000 a wata ga waɗanda suka samu. Wannan adadi ɗaliban Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello da sauransu sun san shi sarai. Mai basira sai ya raba shi gida 30, ya buɗe da cewa: "Dubu ashirin a wata, naira 666 ke nan a rana." Bai ba da shawara ba tukuna, bai yi faɗa ba, amma duk mai karɓar wannan kuɗi zai dakata, domin an faɗa masa wani abu game da aljihunsa da wataƙila bai taɓa lissafawa ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin gwanintar ita ce a bi rubutun bidiyo ɗaya daga farko har ya nuna. A ce wata ɗaliba tana son shirya bidiyo na daƙiƙa 30 a kan cajin cirar kuɗi a wajen mai POS. Lissafinta shi ne: ɗalibi mai dubu 20 a wata yana da dubu biyar a mako. In yana cirar dubu ɗaya sau biyar a mako, kuma a ce mai POS na unguwarsu yana karɓar naira 100 a kowace cira, ya biya 500 a mako, 2,000 a wata. In kuwa ya ciri dubu biyar ɗin a tashi ɗaya a kan naira 100, cajin wata bai wuce 400 ba. Ya tsira da 1,600. Wannan shi ne cikin bidiyon, kuma sai da ya kammala sannan ta koma kan buɗewa. Masu ƙwarewa haka suke yi, suna rubuta jimlar farko a ƙarshe, domin ba a yin alkawarin abin da ba a tabbatar yana hannu ba.

Rubutunta na farko shi ne wanda kusan kowa ke farawa da shi: "Assalamu alaikum 'yan uwana ɗalibai, barkanmu da sake saduwa, yau in sha Allahu zan kawo muku wata hanya ta tattalin kuɗi." Ladabi ya cika, amma kalmomi kusan ashirin sun wuce ba a ambaci POS ba, ba a ambaci naira ko ɗaya ba. Nan Bahaushe yake da wata matsala tasa ta musamman, domin fara magana babu sallama yana yi mana nauyi a baki. Waɗanda suka iya ba su yar da sallamar ba. Wasu sukan jefa jimlar buɗewa, sannan su yi gajeriyar sallama su ci gaba. Wasu kuma sukan yi sallamar da baki, amma tun daga hoton farko jimlar tana rubuce ɓaro-ɓaro a fuskar waya, ido yana karantawa kunne yana amsa gaisuwa. Abin da ake yankewa shi ne dogon "barkanmu da sake saduwa" da gabatar da kai.

Rubutu na biyu ya gajarce: "Ka daina ɓarnar kuɗi a wajen mai POS." An shiga batu, amma da tsawa. Ɗalibin da ke cirar dubu ɗaya-ɗaya yana yin haka ne don tsoron kada kuɗin su ƙare a hannunsa, a ganinsa tattali yake yi. Ka kira shi maɓarnaci, ka rasa shi. A zancen talauci, jimlar da ta kunyata mai kallo ta mutu tun kafin a gama faɗarta. Ga shi kuma babu adadi, don haka babu abin da zai sa ya ji asarar a jikinsa.

Na uku ya kawo adadi: "Kana asarar naira 2,000 duk wata ba ka sani ba." Wannan ya fi, sai dai irinsa ya yi yawa. Mai tallan maganin ƙiba da mai tallan kasuwancin intanet duk da haka suke buɗewa, kunne ya saba, har ya fara zargin damfara. Kuma jimlar za ta hau kan kowane bidiyo, ko na data ne ko na kuɗin mota. Wannan gwaji ne mai amfani: in za a iya ɗauke jimlar a ɗora wa wani bidiyo dabam ta zauna daram, to ba ta gama nuna ba.

Sai ta tsaya a kan na huɗu: "Cirar dubu ɗaya-ɗaya tana cinye maka abincin kwana uku duk wata." Kalma goma sha ɗaya. "Cirar dubu ɗaya-ɗaya" hali ne da mai yinsa zai gane kansa a ciki nan take. Laifin an ɗora shi a kan ɗabi'ar, ba a kan ɗalibin ba, ba kuma a kan mai POS da ke neman halalinsa ba. Naira 2,000 kuwa an mayar da ita abinci, domin 2,000 a raba da 666 kwana uku ne cif. Ɗalibi yana iya ɗaga kafaɗa a kan dubu biyu, amma kwana ukun ƙarshen wata da yake jiƙa garin kwaki ya san su. Kuma jimlar ta bar tambaya a buɗe, ta yaya hakan ke faruwa, wadda sauran daƙiƙoƙin za su amsa.

Ko ɗan ƙaramin "maka" ɗin nan sai da aka auna shi. Hausa tana tilasta wa mai magana ya zaɓa tsakanin ka da ki da ku. "Ku" tana haɗa kowa, amma tana kama da jawabi a taro. "Ka" ko "ki" tana zama kamar da mutum ɗaya ake, ta fi kama zuciya, sai dai tana iya barin rabin masu kallo a waje. In batun na ɗakin kwanan 'yan mata ne, kamar karo-karon sayen gas da girki tare, "ki" ita ce daidai. In na kowa ne, wasu sukan kauce ta hanyar magana da bakinsu: "Na lissafa abin da POS ke ci mini a wata, ya kai abincin kwana uku." Wannan salo yana da daɗin ji, domin mai magana ya sa kansa cikin matsalar, amma sharaɗinsa ya zama da gaske ya yi lissafin.

Hoto ma yana cikin jimlar. Yayin da take faɗar kalmomin, hannunta yana baza ƙananan rasit ɗin POS guda biyar a kan katifa, rubutu kuma a sama yana cewa "₦100 × 20". Mutane da yawa suna kallo a aji ko a mota da sauti a kashe, don haka abin da aka rubuta dole ya tsaya da ƙafarsa. Ba a maimaita dukan jimlar a rubuce, adadin kawai ake ɗauka.

Bayan an saki bidiyo, alƙaluma ne ke faɗin gaskiya. TikTok yana nuna wa mai shafi zanen yadda masu kallo ke raguwa daƙiƙa bayan daƙiƙa, YouTube kuma yana nuna kason waɗanda suka tsaya suka kalla da na waɗanda suka ture. Kowane bidiyo yana zubar da mutane a farko, wannan ba abin damuwa ba ne. Amma in layin ya faɗi warwas a daƙiƙa biyun farko fiye da sauran bidiyoyinka, laifin buɗewa ne. In ya riƙe har daƙiƙa ta biyar ko ta shida sannan ya zube, buɗewar ta yi aikinta, kai ne ka tsaya kewaye-kewaye ba ka shiga lissafin ba. In kuwa an kalla har ƙarshe amma martanin mutane cike yake da "ƙarya ne, a wajenmu naira 50 ake caja", to adadinka ne bai dace da inda suke ba. Shi ya sa mai hankali ke faɗin garin da farashin ya fito, ya kuma sabunta shi, tunda farashin bara ba na bana ba ne. Mai son ya koya da gaske yakan sauya buɗewar kaɗai ya bar sauran bidiyon yadda yake, domin in ya sauya komai lokaci ɗaya ba zai san abin da ya yi tasiri ba.

Iyakar wannan gwaninta ita ce gaskiya. Ana iya buɗewa da "Yadda na rayu wata guda da dubu biyar", a tara masu kallo, sai a tsakiyar bidiyo ta bayyana cewa buhun shinkafa da jarkar mai daga gida aka kawo. Za a kalla sau ɗaya, ba za a sake yarda ba. Alkawari kaya ne, kuma jimlar farko alkawari ce. Ɗalibar nan ta POS, kafin ta rufe, sai da ta faɗi raunin shawararta: dubu biyar a aljihu tana saurin narkewa, ga abokai masu neman rance. Don haka ta ce a kasa kuɗin kashi biyar tun ranar da aka ciro su, a kuma biya da tiransifa duk inda mai shago ke karɓa. Wanda ya gwada ya ga 1,600 ta rage masa a ƙarshen wata, shi ne zai tsaya a bidiyonta na gaba tun kafin ta gama jimlar farko.