Feɗe Doguwar Takarda Ta Koma Tambaya Da Amsa

Makarantun sakandare da yawa suna da wata takarda da suke raba wa iyayen 'yan aji shida idan rajistar JAMB ta ƙarato. Galibi ba hannu ɗaya ya rubuta ta ba. Wani shugaban makaranta ne ya fara, mataimakinsa ya ƙara sakin layi da aka sauya wata doka, wani malami kuma ya liƙa gargaɗi a ƙarshe bayan an sha wahala da wani ɗalibi. Duk abin da ake bukata yana ciki. Amma uban da ke son sanin abu ɗaya tak, ko yaransa biyu za su iya yin rajista da layin wayarsa, sai ya ratsa shafi huɗu kafin ya tarar da amsar a tsakiyar wata doguwar jimla. Ba zai ratsa ba. Waya zai ɗauka ya kira makaranta.

Akwai malamar da na sani, mai kula da ba ɗalibai shawara, wadda ta iya mayar da irin wannan takarda ta koma jerin tambayoyi da gajerun amsoshi. Kayan aikinta ba su da yawa: takardar a buge kwafi biyu, biro ja, almakashi, da tebur mai faɗi. Ba ta taɓa kwamfuta sai can ƙarshe.

Karatun farko ba ta riƙe biro. Tana karantawa ne daga farko har ƙarshe don ta san abin da ke gabanta. A karatu na biyu ne jan biro ke fitowa, kuma abin da take farauta shi ne kowane wuri da takardar ta faɗi wata magana da za ta iya tsayawa da ƙafarta. Duk inda ta samu, sai ta ja layi a tsaye ta sa lamba a gefe. Ba ta bin aya ko sakin layi, domin marubutan farko ba a nan suka raba maganganunsu ba. Yadda mahauci ke laluben gaɓa kafin ya sa wuƙa, haka take laluben inda wata magana ta ƙare wata ta soma. Ga jimla ɗaya irin wadda take cin karo da ita:

"Kamar yadda aka sani, hukumar ba ta karɓar rajistar ɗalibi sai yana da lambar NIN, wadda da ita zai aika saƙon tes zuwa 55019 ko 66019 domin samun lambar furofayil, kuma iyaye su lura cewa layin da aka yi amfani da shi na ɗalibi ɗaya ne, domin da shi za a duba sakamako, haka nan sunan da ke kan NIN shi zai fito a takardun jarrabawa, saboda haka mai kuskure ya gyara da wuri."

Mai karatu da sauri zai ce magana ɗaya ce, a kan NIN. Ita kuwa lamba biyar take sa mata: wajabcin NIN, yadda ake aika saƙo, dokar layin waya, duba sakamako, da batun suna. Sai ta ɗauki almakashi ta yanka kwafi ɗaya a kan waɗannan layuka, kowace magana ta zama ƙyallen takarda mai lambarta. Ɗayan kwafin tana ajiye shi lafiya lau, zai yi amfani daga baya.

Daga nan sai aikin da ya fi cin lokaci, wato samo wa kowane ƙyalle tambayarsa. A nan ake gane wanda ya yi aiki da wanda ya yi ha'inci. Mai son jiki zai ɗauki kan maganar ya manna masa alamar tambaya, ya rubuta "Mene ne sharuɗɗan layin wayar da za a yi amfani da shi?" Babu uban da ya taɓa shigowa ofis ya yi tambaya haka. Abin da yake cewa shi ne, "Malama, yarana biyu ne bana, za su iya amfani da layina?" Wannan ita take rubutawa a bayan ƙyallen, da kalmomin mai tambayar, domin idon mai nema yana tsayawa ne inda ya ga maganar bakinsa. Tana da littafin da take rubuta tambayoyin da iyaye da ɗalibai suka kawo mata, kuma daga cikinsa take ɗebo lafazin. Idan ƙyalle ya rasa mai tambayarsa, kamar bayanin cewa an kafa hukumar JAMB a 1978, sai ta ture shi gefe. Gaskiya ne, amma ba wanda rajistarsa za ta tsaya don bai san shi ba.

Amsar kuwa tana da tsarin da ba ta saɓawa. Kalmar farko ita ce hukunci: eh, a'a, ko lamba, ko wuri. Dalili ya biyo baya, sannan abin da mutum zai yi. Ga yadda batun layi ya fito daga hannunta:

"Yarana biyu za su iya rajista da layi ɗaya? A'a. Kowane ɗalibi sai da layinsa, domin hukumar tana ɗaure lambar wayar da sunan mutum ɗaya. Ku adana layin, za a ƙara bukatarsa."

Jimla uku bayan hukuncin ma sun yi mata yawa a wasu lokuta. Ƙa'idarta ita ce idan amsa ta fara neman "haka kuma", to tambaya biyu ce ta ɓuya a rigar ɗaya, sai a raba su. Sannan kowace amsa dole ta wadatu da kanta. Takardar asali cike take da "kamar yadda muka ambata a sama" da "wannan lambar", amma mai karanta tambaya da amsa yana faɗowa ne a tsakiya, bai ga sama ba. Shi ya sa take maimaita sunan abu duk inda ya zo, ko da zai yi wa kunne nauyi. A rajistar nan lambobi uku ne ke yawo: NIN mai alƙaluma 11, lambar furofayil da ake turo wa ɗalibi ta tes, da e-PIN da ake saya da kuɗi. Duk amsar da ta ce "lambar" kawai ta jefa wani a ruɗu. Inda kuma akwai abin da za a buga a waya, ba ta kwatanta shi da baki, tana nuna shi a layinsa daban:

```
NIN 00123456789
```

tare da faɗin cewa akwai tazara ɗaya tsakanin kalmar da lambar, kuma mutum zai sa tasa lambar a madadin wannan.

Sai ta baje ƙyallayen a tebur ta fara kasa su. Abin da ya fi zuwa hannu shi ne a kasa bisa ofisoshi: na NIMC, masu ba da NIN, a nan, na banki a can, na cibiyar CBT a gefe. Ita ba ta yin haka, domin uba bai san wane ofishi ke da matsalarsa ba, abin da ya sani shi ne inda ya tsaya. Tana kasawa ne bisa tafiyar ɗalibi: kafin rajista, ranar rajista, jarrabawa, bayan jarrabawa, sai kashi na biyar na abin da za a yi idan an samu matsala. Jimlar nan guda da muka gani a sama sai ga ta ta watsu gida uku. NIN, saƙon tes da dokar layi sun tafi kashin farko. Duba sakamako, inda ake aika UTMERESULT daga wannan layin dai, ya tafi kashi na huɗu. Kuskuren suna ya tafi na biyar, da amsar cewa a NIMC ake gyarawa kafin a nemi lambar furofayil, tunda daga can JAMB ke ɗauko suna da ranar haihuwa. Idan wani kashi ya kumbura ya haura tambaya goma sai ta raba shi, idan ya tsaya a guda biyu sai ta haɗa shi da maƙwabcinsa.

A wannan kasawar ne ɓoyayyun cututtukan takardar ke bayyana, kuma a ganina ko don wannan kaɗai aikin ya biya. Ƙyalle biyu da shafi uku suka raba yanzu suna kwance kusa da juna. Ɗaya ya ce shekarar shiga jami'a 16 ce, ɗayan ya ce 18. Dukansu suna da asali: a 2024 an yi ta ce-ce-ku-ce kan mayar da ita 18, daga baya gwamnati ta tsaya a 16, amma wanda ya ƙara sakin layin bai dawo ya goge ba. Malamar ba ta zaɓar wanda ya fi kwanta mata. Tana komawa sanarwar hukumar ta wannan shekarar ta tabbatar. Kuɗin fom da ranakun buɗewa da rufewa kuwa, da yake suna sauyawa, tana tattara su wuri ɗaya ta rubuta shekara a kansu, don wanda zai gyara baɗi ya taɓa wuri ɗaya kawai.

Haɗarin gajarta magana shi ne sharaɗi ya faɗi a hanya. Takardar asali ta ce ɗalibi zai rubuta darussa huɗu, Ingilishi dole, sauran ukun kuma sai sun dace da kwas ɗin da yake nema. Mai gaggawa zai rubuta "Darussa huɗu, har da Ingilishi" ya ji daɗin gajartar, alhali ya yar da rabin da ke sa yaro ya ci maki mai kyau cikin 400 amma a ƙi ba shi gurbi. Maganin wannan shi ne kwafin nan da ta ajiye. Bayan ta buga komai a kwamfuta, sai ta ɗauko shi ta bi lambobin gefe ɗaya bayan ɗaya, tana neman kowace a sabon rubutun ta sa mata alama. Tana ƙara tsayawa a kan kalmomin "sai", "amma", "idan" da "banda", domin a bayansu sharuɗɗa ke zama. Lambar da ba ta samu alama ba, ko dai an cire ta da gangan ko ta ɓace, kuma sai ta san wanne ne.

Akwai ɓangaren da take ƙin yankawa. Abin da ke faruwa a cibiyar CBT ranar rajista, daga miƙa lambar furofayil da e-PIN, zuwa cike zaɓin makarantu, ɗaukar hoto da hoton yatsu, har buga takardar shaida, aiki ne mai bin juna. Idan aka farfasa shi tambaya shida, mai karatu zai rasa wanne ke gaba da wanne. Sai ta bar shi a ƙarƙashin tambaya ɗaya, "Me zai faru idan mun je cibiyar?", ta jera matakan da lamba.

Gwaji na ƙarshe ba ita ke yi ba, domin ta riga ta san inda komai yake. Tana kiran ɗalibar da ba ta taɓa ganin takardar ba ta miƙa mata, ta ce, "Ranar haihuwarki ba daidai ba ce a NIN, nemo min abin yi." Sai ta yi shiru tana kallon yatsan yarinyar. Idan yatsan ya nufi kashin "kafin rajista" alhali amsar tana kashin matsaloli, ba ta cewa yarinyar ta yi kuskure. Tana rubuta tambayar a kashin da aka fara dubawa ta nuna lambar amsar, kuma idan ɗaliba ta biyu ma can ta nufa, sai ta ɗauke amsar gaba ɗaya ta mayar da ita can.